Tambaya da Amsa: Katun ɗin ranakun mako

*"Anti, ina koyar da yara a Makka. Wani ya ce in ba shi riyal 1,500 ya kawo min shiryayyen katun na ranakun mako, muryar Hausa kawai zai ɗora. Kuɗin iyaye ne, hankalina bai kwanta ba."*

Ƙanwata, kin kyauta da kika tsaya, amma kada ki biya. Irin waɗannan shiryayyun, ga yaran Turai aka zana su: mako ya fara da Litinin, ranar Lahadi yaro yana kwance yana hutu. A nan kuwa tun 2013 hutu ya koma Juma'a da Asabar, Lahadi da sassafe ɗalibanki suke saɓa jaka. Waƙa ta ce abu ɗaya, hoto ya nuna wani, yaro kuma hoton zai gaskata. Ga bakin ɗan katun yana motsi da kalmomin wani harshe. Abin da ya fi ɓata min rai, bidiyon ɗaya ne ake sauya wa murya a sayar wa mutum goma, kowa yana zaton nasa ne. Kuɗin iyayen da suka tara da guminsu!

Ki fara da waƙar, a ɗauki murya, sannan a zana hoto a kanta. Kowace rana layi biyu, sunanta a farkon layi:

*Lahadi, na ɗau jakata,*
*Ga makaranta, ga ƙawata.*
*Juma'a, na sa farar riga,*
*Masallaci da Baba zan shiga.*

Layi ɗaya daƙiƙa 4, rana ɗaya 8, bakwai ɗin 56. Ki ƙara amshi na layi biyu mai jero ranakun daga Lahadi zuwa Asabar a farko da ƙarshe, ya zama daƙiƙa 72. Kowace rana launinta daban, aikinta guda ɗaya tak, sunanta ya tsaya a allo da Hausa da Larabci, tunda yaran nan Larabci suke karantawa. Kada a canza yaran da ke ciki, in ba haka ba masu kallo za su bi sabuwar fuska su manta da ranar.

Mai zane ya fara nuna miki zanen fitowa bakwai ɗin haɗe da muryar kafin ya sa motsi, domin gyara a nan ba ya cin kuɗi. Ki ba da rabi, sauran sai aiki ya zo hannu.

*"Wasu iyaye ba sa son kiɗa. Mu fasa?"*

A'a, ɗan'uwa. Muryoyin yara da tafi sun isa riƙe waƙar, kuɗin makaɗi kuma ya zauna a aljihu.

*"In sayi makirfo mai tsada a Jidda tukuna?"*

Haba, malam! Ko layi ɗaya ba ka rubuta ba. Wayarka ta isa. Ka shiga ɗaki mai kafet da labule, ka kashe na'urar sanyaya ɗaki kafin ka danna ɗauka.