Agogon Bangon da Yake Ja Baya

"Maigida, an kawo mini agogon bango daga Tudun Wada, mai shi ya ce kullum yana ja baya da kamar minti goma, wani lokaci kuma ya tsaya cak. Na saka masa sabon batir amma bai daina ba. Shin in canza masa inji kawai?"

Dakata tukuna, ɗana, kada ka taɓa injin nan sai ka san inda agogon yake tsayawa, domin wurin tsayuwarsa shi ne zai gaya maka ciwonsa. Agogo mai batir ba ya gajiya ya riƙa tafiya a hankali kamar tsohon agogon da ake wanawa. A cikinsa akwai ɗan ƙanƙanen dutse da yake kaɗawa sau 32,768 a kowace daƙiƙa, daga nan ne ake tura wa injin bugu ɗaya ɗaya. Idan ka ga ya yi asarar minti goma a rana, to bugun yana zuwa daidai, amma akwai lokutan da injin yake kasa ɗaga ƙafa, ko don ƙarfi ya yi masa kaɗan, ko don wani abu ya riƙe shi.

Fara da batir ɗin, ko da sabo ne, domin na sha ɓare batir daga leda in tarar ya mutu tun a shago. Ɗora masa mita: batir AA mai lafiya zai nuna 1.5V ko sama da haka kaɗan, idan kuwa ya sauko wajen 1.2V to ka ajiye shi. Shi ya sa ba na saka batir mai caji a agogo, don shi ƙa'idarsa ke nan 1.2V. Ko babu mita ido zai nuna maka, domin idan batir ya yi rauni siririn hannun daƙiƙa zai zo tsakanin 8 da 9, inda yake hawa da nauyinsa, ya tsaya yana rawa a wuri ɗaya. Sannan ka leƙa ƙarafunan da batir yake zama a kansu. In ka ga farin gari ko kore-kore, tsohon batir ne ya yi yoyo. Ka goge da auduga da ɗan ruwan lemon tsami, ka bari ya bushe sarai, ka ɗan lanƙwaso ƙarfen yadda zai matse batir ɗin.

Amma a irin bayanin da ka yi, hannuwan nake zargi. Bara an kawo mini agogon wani masallaci daga Kawo da irin wannan matsalar, har an canza masa batir sau uku. Na cire gilashin, na ɗaga agogon daidai idona ina kallonsa ta gefe, na riƙa juya ɗan maɓallin da ke baya a hankali. Da dogon hannu ya zo kan gajere sai na ji ƙas, kuma na ga wani ɗan zane mai sheƙi a kan gajeren inda fenti ya goge. Dogon hannu yana tsallake gajere sau 22 a kwana ɗaya, kusan duk bayan minti 65, saboda haka idan a kowace haɗuwa ya yi kokawar rabin minti kafin ya wuce, ka ga minti goma sha ɗaya sun tafi ke nan. Na riƙe gindin dogon hannun da yatsu biyu, na ɗaga bakinsa kaɗan har tazarar da katin waya zai ratsa ta samu, shi ke nan aikin. Ka duba hannun daƙiƙa ma, kada ya riƙa gogar gilashi, kuma ka duba notin tsakiya, domin idan aka ɗaure shi fiye da kima fuskar agogon takan kumbura ta taɓa gajeren hannu.

Idan duk wannan lafiya lau ne, sai ka gwada injin shi kaɗai. Zare hannuwan duka ka mayar da dogon kawai, ka saita shi da agogon wayarka, ka rataye shi a tsaye har kwana ɗaya, ba a kwance a kan teburi ba, don a kwance ba ya jin nauyin hannu. In har ya ja baya a haka, laifin na inji ne. Ƙurar hunturun Kaduna takan shige tsakanin haƙoran robar da ke ciki, kuma kada ka kuskura ka ɗiga musu mai, domin mai da ƙura laka suke zama. A ganina ɓata lokaci ne a tsaya gyaran irin wannan inji, gara a sayi sabo. Ka tafi kasuwa da tsohon a aljihu domin a gwada tsawo da kaurin sandar da hannuwan suke zama a kanta, in ba haka ba hannuwan ba za su zauna ba. Wajen mayarwa ka saka gajere, sannan dogo, sannan na daƙiƙa, dukkansu suna kallon 12, ka juya su zagaye cikakke na awa goma sha biyu kana saurare kafin ka rufe gilashi. Kawo shi nan mu duba tare kafin mai shi ya dawo.