Na gama rubuta tallan maganin Hajiya, sai na sake dubawa kafin in ɗora ko alhakin yana kanta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ina yi wa masu sana'a talla ne a TikTok, su ba ni bayani in rubuta in ɗauki bidiyo su biya ni. Wata Hajiya ta ba ni haɗin zuma da habbatus sauda, ta biya 25,000. Na gama rubutun kwana goma da suka wuce, ga shi nan na turo. Yanzu naji ana cewa ta ƙara kuɗi, kuma ni gaskiya na gaji da gyara. In na ɗora shi a haka akwai laifi a kaina ne? Ai bayaninta ne ni ƴar aike ce kawai.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƴar uwa kin tambayi farashi, to amma da na karanta rubutun naki ba farashin ne ya tsayar da ni ba, layi na huɗu ne, inda kika ce "ni da kaina na sha sati biyu, suga na ya sauka". Kina da ciwon sugan ne? Kin sha? Kin auna kafin da bayan? Don a tambayar taki baki ce ko buɗe kwalbar kin yi ba. In amsar a'a ce to wannan layin shi ya canza hukuncin gaba ɗaya, saboda kin tashi daga mai isar da saƙo kin koma mai ba da shaida, da fuskarki da muryarki. Haramcin algus da yaudara a ciniki kuwa ba sai na tsaya kawo dalili ba, duk wanda ya karanta Risala ya wuce ta wajen.

Dubawar ƙarshe a kanki take, tunda yatsanki ne zai danna, kuma a irin wannan tallan wajibi ce don ba a kauce wa haram ɗin sai da ita.

Farashi tukuna. Kin rubuta "da 12,000 ne yanzu ya dawo 7,500". Abu biyu za ki tambaya yau ɗin nan, a rubuce ta WhatsApp ba a waya ba, ki ajiye amsar. Nawa ne kuɗin yau, kuma da kuɗin kai kaya ne ko ban da shi? Sannan an taɓa sayar da shi 12,000 ɗin kuwa? In tun farko 7,500 ne aka ɗora wancan don mutane su ga kamar sun samu garaɓasa, to ƙarya ce a kan farashi. In kuma ta ƙara ya koma 9,000 kika ɗora 7,500 alhali kin riga kin ji labari, mata za su tura kuɗi a ce musu su ciko 1,500, wata ta ciko don kunya ba don ta yarda ba. Wannan kuɗin ba da daɗin rai ya fito ba. Kuma bidiyo ba ya mutuwa, bayan wata shida wata za ta gani, don haka ki faɗi watan da aka sa farashin a ciki. "Saura kwalba goma kacal" shi ma ki cire in ba ki ƙirga ba.

Yanzu maganar "ni ƴar aike ce". Na san akwai masu karatu da suke cewa mai talla ɗan ƙwadago ne, an ɗauke shi ya karanta abin da aka ba shi, kuma ai kowa ya san talla da zuzutawa take tafiya, al'ada ce, ba wanda yake ɗaukarta a zahirinta. Wannan maganar ban yarda da ita ba. Ɗan aike cewa yake "wance ta ce", ke kuma cewa kika yi "ni na sha". Da Hajiya muryar kowa take so da ta ba yaron shagonta ya karanta kyauta, 25,000 ɗin nan kuɗin yardar da mabiyanki suka yi miki ne, shi ta saya. Ko da ma isarwa ce zalla, hadisin da Muslim ya kawo a gabatarwar littafinsa yana cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Batun al'ada kuma yana da iyaka. Ki ce "zuma ce mai daɗi ta gaske", kowa ya san yabo ne, ba komai. Amma sati biyu, suga ya sauka, 12,000, waɗannan labari ne da ake iya cewa gaskiya ne ko ƙarya, kuma in da gaske ba wanda yake yarda da su to me ya sa ake biya a faɗe su? Abin ya fi kama da najashu, wato wanda yake ƙara kuɗin kaya a kasuwa ba don zai saya ba sai don ya ruɗi na kusa da shi. Shi ma ai ba shi ne mai kayan ba, amma shi aka hana. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na Burunai a 1993 ta sa tallan kafafen yaɗa labarai da yake siffanta kaya da abin da ba haka yake ba, ko yake kumbura farashi don ruɗar mai saye, cikin sababbin nau'o'in najashu. A mazhabarmu ta Malikiyya ma in da sanin mai kaya aka yi, mai saye yana da zaɓin ya mayar ya karɓi kuɗinsa.

Hadisin habbatus sauda da kika sa a farko ingantacce ne, Bukhari da Muslim ne. Sai dai bai yi magana a kan kwalbar Hajiya ba, ba ki san me ta zuba ba da yawansa. Abin da nake tsoro shi ne wata dattijuwa ta ji Annabi (SAW) ya faɗa, ta ji ke ma kin warke, ta ajiye maganin asibiti. Ki ƙara layi ɗaya ki faɗe shi da bakinki, ba ƙaramin rubutu a ƙasa ba: mai suga ko hawan jini kar ya bar maganinsa sai ya ga likita. Zuma ce fa, ita kanta tana ɗaga suga.

Ɓangaren hukuma, kin rubuta "yana da lambar NAFDAC" ba ki rubuta lambar ba. Ki sa ta turo hoton kwalin ki ga lambar da ranar lalacewa da idonki. Kuma rajistar kaya daban izinin tallata shi daban, sannan dokar abinci da magunguna ta Najeriya ta hana a tallata wa jama'a cewa abu yana warkar da cututtuka irin su suga da daji. ARCON, hukumar da ke kula da tallace-tallace, ita ma tana buƙatar a tantance talla kafin ya fita har da na soshiyal midiya. Bin irin wannan dokar da take kare lafiyar mutane ba saɓani a kansa. Ki kuma faɗa a fili cewa talla ce aka biya ki.

Kuskuren rubutu in bai canza ma'ana ba babu zunubi, gyara shi kyautata aiki ne. Amma lambobi ba haka ba ne. Lambar akawun guda goma ce, ki karanta su ɗaya-ɗaya da ƙarfi wata tana duba na Hajiya, ko ki shigar a manhajar banki ki ga sunan wa ya fito. Na kuma ga kin rubuta "cokali 2" ba ki ce na shayi ko na cin abinci ba, na biyun ya ninka na farkon sau uku. Hadisin kuma ki kwafo lafazinsa daga littafi, kar ki rubuta da ka.

Shawarata ta uba, daga yau ki daina karɓar kuɗi kafin ki ga me za a sa ki faɗa, kuɗin da aka riga aka kashe shi yake sa baki nauyi. In Hajiya ta yarda da gyaran ki ɗora, 25,000 ɗinki halal ne. In ta ce lallai sai da "na sha na warke", ki mayar mata da kuɗinta, in kun daidaita ki cire ladan rubutun da kika yi. Wallahu a'alam.