Kwastoma ya kasa biyan kuɗin kaya gaba ɗaya: me za a rubuta a wasiƙar biya kashi-kashi?

Tambaya: Ina sayar wa 'yan kasuwa kaya a kan bashi. Na ba wani kwastoma kayan 600,000, ya biya 120,000, yanzu ya ce ba shi da halin cika sauran a lokaci ɗaya. Ina so in rubuta masa wasiƙa ya riƙa biya kashi-kashi. Shin hakan zai raunana haƙƙina?

Amsa: Malam, zai iya raunana shi, zai kuma iya ƙarfafa shi. Abin ya danganta da yadda ka rubuta wasiƙar. Kana da damar neman 480,000 ɗinka yanzu, har ka shigar da ƙara idan ka so, amma hukuncin kotu ba ya samar da kuɗi a aljihun wanda ba shi da su. Idan kwastoman bai musa bashin ba kuma kasuwarsa na tafiya, shawarata ka ba shi tsarin biya, da sharaɗin ya sa hannu.

Ka fara wasiƙar da tabbatar da bashin kafin maganar sassauci. Ka kawo lambar takardar kuɗin kayan, ranar da aka kai su, jimillar kuɗin, abin da ya biya da abin da ya rage. Sai ka sa jimla ɗaya da ke cewa ya amince ya karɓi kayan lafiya kuma ana binsa 480,000. Wannan jimla ce za ta toshe masa ƙofar cewa daga baya kayan ba su cika ba. A ƙasashe da dama kuma, amsa bashi a rubuce da sa hannu yana sabunta wa'adin da doka ta ba mai bin bashi na kai ƙara.

Sai jadawalin biya. Kada ka rubuta "kowane wata" ko "da zarar ya samu". Ka rubuta misali: 120,000 ranar sa hannu, sannan 90,000 sau huɗu, ranar 5 ga kowane wata, ka faɗi watan farko da na ƙarshe da asusun da za a zuba kuɗin. Biyan farkon nan shi ne ma'auninka. Wanda ya kasa kawo komai ranar sa hannu, da wuya ya cika sauran.

Sharaɗin da aka fi mantawa, kuma shi ya fi kowanne amfani, shi ne na saɓa alkawari. Ka rubuta cewa idan kashi ɗaya ya wuce ranarsa da kwana 7, duk ragowar kuɗin ta zama abin biya nan take. Dubi bambancin. A ce ya biya 120,000 na ranar sa hannu da kashin farko na 90,000, sannan ya tsaya. Saura 270,000. In babu wannan sharaɗi, zai iya cewa 90,000 kaɗai lokacinsu ya yi, domin kai da kanka ka ɗaga masa wa'adin sauran, sai ka jira wata biyu kafin ka nemi duka. In akwai shi, bayan kwana 7 kana da ikon neman 270,000 a dunƙule.

Ka ƙara da cewa sassaucin lokaci ne kawai, ba ka yafe ko sisi ba. Idan kana son yi masa rangwame, ka ɗaura shi a kan cika biya a kan lokaci, ya saɓa ya rasa. Haka nan idan ya turo kuɗi a makare ka karɓa, ka aika masa saƙo a rubuce cewa karɓar ba ta sauya jadawalin ba. Karɓar jinkiri sau da sau ba tare da magana ba kan zama hujjarsa cewa kun bar tsohon tsari.

Ka lura da wanda zai sa hannu. Idan kamfani mai rajistar "limited" ka sayar wa, kamfanin ake bi, ba mai shi ba. Kana son dukiyar mai kamfanin ta tsaya wa bashin? Sai ya rubuta lamuni da sunansa, daban da hannun da ya sa a madadin kamfani. Tara ko kuɗin ruwa kuwa, in ba su cikin cinikinku na farko, kada ka ɗora su kai kaɗai, sai ya yarda a rubuce kuma dokar wurinku ta halatta.

Sabon kaya, a ganina, ya zama kuɗi hannu har bashin ya ƙare, ka kuma faɗi haka a wasiƙar, don kada lissafin tsoho da sabo ya cakuɗe. Ka ba shi kwana 7 ya dawo da kwafin da ya sa wa hannu, ka rubuta cewa in bai dawo da shi ba tayin ya faɗi, kuma 480,000 na nan a matsayin bashin da lokacin biyansa ya riga ya wuce.