Rasuwar Baba a Rubutun Neman Tallafin Karatu

"Anti, Babanmu ya rasu ina aji biyu a BUK, bayan ya shekara ana masa wankin ƙoda. Ni na yi jinyarsa, makina ya faɗo daga 4.1 zuwa 3.2. In saka a rubutun neman sikolashif, ko za a ce bara nake?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa.

Ki saka, amma ki fara duba abin da suka tambaya. Masu sikolashif ɗin Chevening a kan shugabanci da tsarin aikinki na gaba suke tambaya, can babu wurin labarin jinya sai in shi ya sa kika jagoranci wani abu. Su Mastercard Foundation kuwa suna duba halin da gida yake ciki, to nan yana da gurbi.

Ke dalilinki ma mai ƙarfi ne. Mai tantancewa zai ga faɗuwar makin nan a takardar sakamakonki. In ba ki ce komai ba, shi zai yanke wa kansa dalili, ƙila ya ɗauka wasa kika yi. Saboda haka jimla uku ta isa, kamar haka, sai ki mayar da ita Turanci: "Ina aji biyu mahaifina ya kwanta ciwon ƙoda, ni nake kai shi asibiti har ya rasu. A shekarar makina ya sauko zuwa 3.2. Daga nan na sake tsara lokacina." Shi ke nan, kin wuce wurin.

Sauran shafin duk naki ne. Me kika yi bayan an share makoki? Kin riƙe lissafin gida? Kin koyar da yara darasin yamma don kuɗin rajista? Makin ya sake hawa, zuwa nawa? Nan za ki zauna ki faɗa dalla-dalla, da alƙaluma, domin wannan suke ba wa maki. Idan kin gama, ki rufe jimlolin jinyar da hannu ki karanta saura. In ba abin da ya rage, ta'aziyya kika rubuta.

Af, kada in manta. Yadda jikinsa ya kumbura, kukan da aka yi daren rasuwa, bashin da aka ci, wanda ya ƙi taimako a dangi, rigimar gado, duk ki bar su a gida. Sirrin Mama ne da ƙannenki, ba naki ke kaɗai ba, ki karanta mata kafin ki tura. Kuma ki cire "ku taimaka wa marainiya" da "ba ni da kowa sai ku", kunyar karantawa suke ba mutum wallahi.

Abu na ƙarshe, duk abin da kika rubuta ana iya tambayarki a intabiyu. Wanda kika san ba za ki iya maimaita shi gaban baƙi ba sai kin fashe da kuka, goge shi tun yanzu. Ki turo min ta firabet in duba miki bayan isha'i.