Fatawa: La'adar dillalin shago, ta shekara ɗaya ce ko ta shekara biyu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na sa wani dillali ya nemo mini shago kusa da Kantin Kwari a Kano. Muka yi da shi a gaban yayana cewa zan ba shi kashi 10 cikin 100 na hayar shekara. Mai shagon ya fara cewa naira 1,500,000, muka yi ciniki ya sallama a 1,200,000, amma ya ce sai an biya shekara biyu, na biya 2,400,000. Yanzu dillalin ya ce kuɗinsa 240,000 ne. Wani ɗalibi a masallacinmu kuma ya ce mini la'ada ta kaso haramun ce, don tana kama da riba kuma ba a san adadinta ba, in ba shi abin da ya sawwaƙa kawai. Nawa ne a kaina?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Naira 120,000 ce a kanka, ɗan'uwa, kuma bashi ce a wuyanka tun ranar da aka ƙulla haya ka karɓi makulli.

Dillanci halal ne, ladansa halal ne, ba sai mun tsaya nan ba. Abin da ya yanke hukunci a mas'alarka kalma ɗaya ce da ka faɗa a tambayarka: “hayar shekara”. Da ita kuka ɗaure kason, kuma hayar shekara da aka sallama a kanta ita ce 1,200,000. Kashi 10 nata, wato ushirinta, 120,000 ke nan. Ba a lissafi da 1,500,000, domin wannan farashin buɗe baki ne, ba a ƙulla komai a kansa ba. Shekara ta biyu da mai shago ya karɓa tun yanzu sharaɗi ne nasa game da lokacin biya, bai mai da hayar shekara ta zama 2,400,000 ba, kuma bai ƙara wa dillali zirga-zirga ko ɗaya ba. Da a ce lafazinku “kashi 10 na abin da za a biya” ne, da 240,000 ɗin ta hau kanka ba tare da gardama ba. Da kuma “kashi 10” kawai kuka ce kuka yi shiru, sai a koma ga al'adar dillalan gidaje da shaguna na wannan yankin, a tambayi dattawansu biyu masu amana waɗanda ba su da rabo a kuɗin. Amma al'ada ba ta ture abin da aka furta ƙarara. Don haka ka zauna da yayanka ka tambaye shi abin da kunnensa ya ji, kada ka fara gaya masa abin da kake so ya tuna. Idan ya ce ba haka lafazin yake ba, amsata ma ta canja.

Maganar ɗalibin nan kuwa, ina kyautata masa zato, amma ya yi kuskure, kuma irin kuskuren da ke cinye haƙƙin mutane ne. Riba ƙari ce a kan bashi, ko a musayar kayan riba da junansu, kamar zinare da zinare ko alkama da alkama. Dillali bai ranta maka ko kwabo ba, aiki ya yi maka, ya taka ƙafa ya shiga rana. Jin kalmar “kashi cikin ɗari” ba ya mai da abu riba. In da haka ne, da ƙiradi, inda mai dukiya da mai juya ta suke raba abin da aka ci a kan rabi ko sulusi, shi ma ya haramta, alhali babu mai cewa haka.

Ɓangare na biyu na maganarsa yana da asali, ba zan ɓoye maka ba. Malamai da yawa sun sharɗanta a san adadin lada tun lokacin ƙulla aiki, kuma ranar da kuka yi magana da dillali ba ku san inda ciniki zai tsaya ba. To amma me ya sa aka hana lada marar sananne? Don yana kai mutane ga jayayya da cin dukiyar juna. Kaso na hayar da za a sallama a gaban idonka, da yardarka, rashin sani ne da ke gushewa kafin ladan ya wajaba: da mai shago ya ce “na sallama”, kowa a wurin ya san ushirin kuɗin. Ka lura ma, rigimarku ba a kan kason take ba, a kan shekarun take. Imamul Bukhari ya yi babi a kan ladan dillanci, ya kawo cewa Ibnu Sirina da Aɗa'u da Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba, ya kuma kawo daga Ibnu Abbas, Allah ya yarda da shi, cewa babu laifi mutum ya ce wa wani: sayar da wannan tufa, abin da ya haura kaza naka ne. Rashin sanin da ke cikin wannan ya fi naku nisa, domin rarar tana iya zuwa, tana iya ƙin zuwa. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, Muhtasar na Shehu Halil ya halatta a ce wa mutum: girbe wannan gona, rabinta naka ne. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar gonakin Haibara a hannun mutanenta a kan rabin abin da suka fitar.

Sannan mu ƙaddara ma ɗalibin ya yi daidai, yarjejeniyar ɓatacciya ce. Su masu wannan ra'ayin ba su ce a sallami ma'aikaci da abin da ya sawwaƙa ba. Cewa suka yi idan ya gama aikin a ba shi ladan da ake ba irinsa a garin. Je ka tambaya, ina zaton abin da za a gaya maka ba zai yi nisa da ushirin nan ba. Ta kowace ƙofa ka bi, biya za ka yi.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma ina so ka ji. Na ga alamar 240,000 ɗin nan ta ɓata maka rai, shi ya sa fatawar ɗalibin ta yi maka daɗi. Yi hattara da wannan. Zaluncin da dillali yake nema ya yi maka a rabin kuɗin ba ya halatta maka riƙe ɗaya rabin. Kai masa 120,000 ɗinsa a wannan makon a gaban yayanka, ya rubuta maka ya karɓa, sauran kuma ku tattauna a kai cikin mutunci. Idan ka ga ya sha wahala sosai, musamman in shi ne ya taya ka har aka sauko da 300,000 daga farashin, alhali saukowar tana rage masa la'ada, to ka ƙara masa wani abu na ihsani, ka faɗa masa kyauta ce.

A wannan takardar ku rubuta cewa babu wata la'ada ranar sabunta haya. Yawancin shari'ar da ake kawo mana a nan take tasowa: shekara biyu ta cika, dillali ya dawo ya ce a sake. Aikinsa haɗa ka da mai shago ne, ya kuma ƙare. In mai shago ya wakilta shi karɓar haya da kula da gini, wannan wani aiki ne daban, ladansa yana kan wanda ya sa shi. Kuɗin ajiya na gyaran ɓarna da kuɗin lauyan da ya rubuta yarjejeniya ba sa shiga lissafin kaso. In kuma wasu dillalai suka fito suka ce su ma da hannunsu, to su raba 120,000 ɗin a tsakaninsu, kai mutum ɗaya ka sa aiki.

Ka kuma tabbatar daga bakin mai shagon kansa cewa 2,400,000 ɗin gaba ɗaya ta shiga hannunsa. Idan ta bayyana shi 1,000,000 ya sallama a shekara, dillali ya ɗora 200,000 a ɓoye, to rarar shekara biyun, 400,000, taka ce a dawo maka da ita, la'adarsa kuma ta koma 100,000.

Allah ya sa albarka a shagon. Allah ne mafi sani.