Zaɓen Fadamar Kwatanci da Ma'aunan Nasara a Aikin Farfaɗo da Fadama

"Malam, an dawo mini da tsarin bibiya da na rubuta na fadamar da za mu farfaɗo a bayan garin Kaduna. Mai tantancewa ya ce fadamar da na ɗauko domin kwatanci ba ta dace ba, kuma ma'aunan nasarata ba su aunuwa. Yaya zan gyara shi har ya karɓu?"

Ɗana, na karanta takardar, kuma hujjar mai tantancewa tana da ƙarfi. Ka ɗauko dausayin Hadejia da Nguru a matsayin abin koyi saboda sunansa, kasancewar tafkin Nguru yana cikin jerin Ramsar na dausayi masu muhimmanci a duniya tun shekarar 2000, alhali ruwan da ke raya shi ba irin ruwan fadamarmu ba ne. Can ambaliyar manyan koguna ce take malalowa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai ƙarancin ruwan sama, kuma ita kanta ambaliyar ta sauya tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, har kachalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama. Tamu kuwa ƙaramar fadama ce a kan rafi, wadda ruwan sama da ruwan da ke tsattsafowa daga tudun da ke kewaye suke ciyar da ita. Duk wanda ya san aikin zai fara tambayar inda ruwan fadama yake fitowa kafin ya dubi ciyawa ko tsuntsu, domin ruwa ne yake yanke hukuncin abin da zai tsiro.

Saboda haka ka koma kan taswira, ka nemo fadamun da suka yi daidai da tamu a wurin zama da tushen ruwa. Su kasance a saman rafi kamar yadda take, ba a bakin babban kogin Kaduna ba, inda cikar kogi take shafe komai a Agusta da Satumba; faɗin tudun da ke zubo musu ruwa ya yi kusa da na tamu; ƙasarsu ta zama iri ɗaya; kuma su kasance kusa yadda damina guda za ta same su tare. Hoton tauraron ɗan'adam zai nuna maka wuraren da suke kore a Janairu da Fabrairu, amma ba zai gaya maka ko danshin fadama ne ko ban-ruwan lambu ba, don haka sai ka taka da ƙafarka, ka haƙa rami mai zurfin rabin mita a kowace. Ƙasar da ta daɗe tana jiƙe takan yi launin toka mai ɗigo-ɗigon ja kamar tsatsa, kuma zurfin da wannan launi ya fara bayyana shaida ce ta inda ruwa ya saba tsayawa shekara da shekaru. Ka yi irin wannan rami a tamu fadamar ma, domin alamar takan daɗe bayan ruwan ya janye, kuma ita ce za ta tabbatar wa mai tantancewa cewa wurin ya taɓa zama fadama irin waɗanda ka zaɓa.

Kada ka ɓata lokaci wajen neman fadamar da hannun mutum bai taɓa ba, domin a kewayen Kaduna babu ita. Ana kiwo, ana yankan jema, ana noman shinkafa a gefe. Abin da ake nema shi ne mafi lafiya daga cikin waɗanda suke akwai, wadda zaizaya ba ta tsaga ta ba, ba a haƙa yashi ko yin bulo a cikinta, kuma injinan ban-ruwa ba su zuƙe ruwan ƙarƙashinta da rani. Ka rubuta waɗannan sharuɗɗa kafin ka fita, sannan ka lissafa dukkan wuraren da ka duba, har da waɗanda ka ƙi da dalilin ƙin su. Wannan jeri shi ne yake kore zargin cewa ka zaɓi wuri mai rauni domin nasara ta yi maka sauƙi. Ka kuma zauna da mai unguwa da masu gonaki, ka ji ko akwai niyyar yanka filaye ko buɗe lambu a wurin, domin fadamar kwatancin da aka nome a shekara ta biyu ta tafi da rabin hujjarka.

Fadama ɗaya ba ta isa ba, kuma a nan ne kuskurenka na biyu yake. Ka rubuta cewa za ka auna murabba'i 30, wato ƙananan filayen ƙirga tsirrai, a cikinta, kana ɗaukar su a matsayin samfuri 30, amma duka suna shan ruwa ɗaya a ƙasa ɗaya, don haka a wurin mai tantancewa samfurinka guda ne tak. Uku ne mafi ƙarancin abin da nake yarda da shi, biyar sun fi idan kuɗin mota da na ma'aikata sun isa, kuma gara ka rage yawan murabba'i a kowace fadama ka ƙara yawan fadamun. Bayan su kana bukatar wata fadamar da ta lalace kamar tamu, wadda za a bari yadda take ba tare da gyara ba. Lafiyayyun suna nuna inda aka dosa, lalatacciyar kuma tana nuna abin da zai faru da ba a yi aikin ba. Dole ne a fara awo a dukkansu aƙalla damina ɗaya da rani ɗaya kafin a taɓa ƙasa, biyu idan mai ba da kuɗi zai yi haƙuri.

Ma'auni na farko shi ne tsayin ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma a kansa nake so ka fi kashe ƙarfinka. Ka binne bututun roba mai faɗin santimita 5 zuwa zurfin mita ɗaya, wanda aka tsattsaga ƙasansa aka kewaye da yashi, ka toshe bakin ramin da yumɓu domin kada ruwan sama ya zurara ta gefe ya ba ka lissafin ƙarya. Ka jera uku a kowace fadama, ɗaya a gefe, ɗaya a tsakiya, ɗaya a tsakaninsu, a auna su kowane mako da damina da kowane mako biyu da rani, a rana ɗaya a duk wuraren. Ka sa musu murfi mai makulli, domin shanu suna goga jiki da su, yara kuma suna jefa tsakuwa a ciki. Idan ka ga lambar bututu ta tsaya cak makonni alhali maƙwabtansa suna hawa da sauka, to ya toshe ne. Abin da za ka ƙirga shi ne yawan kwanakin da ruwa ya kasance cikin santimita 30 daga saman ƙasa, inda mafi yawan saiwar ciyawar fadama take. Za ka ci karo da ƙa'idar Amurka ta kwana 14 a jere a wannan zurfi. An yi ta ne domin gane ko wuri dausayi ne a can, kuma a ƙasar da damina take kai wata shida, lalatacciyar fadama ma za ta iya cika ta a Agusta, don haka kada ka ɗauke ta a matsayin mizanin nasara.

Bari in ƙaga maka lissafi domin ka ga yadda ake gina mizanin. A ce kafin aiki fadamun kwatanci uku sun ba da kwana 96, 118 da 141 a bututun tsakiya, tamu ta ba da 22, lalatacciyar da aka bari ta ba da 25. Aka toshe kwarin zaizayar da ke tsotse ruwan, sai shekara ta uku ta zo da ƙarancin ruwan sama: na kwatanci suka sauko zuwa 60, 74 da 88, tamu ta kai 66, wadda aka bari ta faɗi zuwa 14. Da ka rubuta ƙayyadajjen mizani na kwana 100, da an ce aikin ya gaza, alhali babu lafiyayyar fadama ko ɗaya da ta kai haka a wannan shekara. Idan kuwa mizanin ya ce tamu ta shiga tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma na fadamun kwatanci a shekarar da aka yi awon, 66 ta shiga tsakanin 60 da 88. Haka kuma, da shekarar ta zo da ruwa mai yawa, tamu ta hau zuwa 70 amma wadda aka bari ta hau zuwa 65, to damina ce ta yi aikin, ba mu ba. Domin kada sa'ar shekara guda ta yanke hukunci, ka rubuta cewa sai an cika sharaɗin a shekaru uku daga cikin biyar.

Ma'auni na biyu tsirrai ne. Ka kafa layukan awo na dindindin daga gefen fadama zuwa tsakiyarta, da murabba'ai masu mita ɗaya a tazarar da ka tsayar tun farko, ba inda ido ya ga kore ba. A yi awon a ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba kowace shekara, lokacin da ciyayi suka fitar da kai ana iya gane su, kafin kiwo da ƙunar daji su share wurin. Korewa kaɗai ba nasara ba ce, domin fadamar da kachalla ko kainuwa ta rufe tana da kore sosai. Ka auna kason ƙasar da tsirran fadama na asali suka rufe, bisa jerin da ka samo daga fadamun kwatanci. Idan sun ba da kashi 70, 78 da 85, matsakaicinsu kusan 78 ne, kuma kashi 80 cikin ɗari na wannan ya kama 62, wanda za ka iya sa wa a matsayin burin shekara ta biyar, tare da iyakar da kachalla ba za ta wuce ba. Ka faɗi a fili cewa kashi 80 zaɓinka ne, ka kawo dalilinsa.

Sauran abubuwan da ka lissafa ka sauke su daga matsayin mizani. Yawan itatuwan da aka dasa da yawan tarukan da aka yi suna nuna aikin da aka gudanar ne, ba sakamako ba. Tsuntsayen ƙaura da ke zuwa daga Turai da rani suna ƙaruwa ko raguwa saboda dalilan da suke nesa da Kaduna. Sinadarin kabon na ƙasa kuma yana taruwa a hankali ƙwarai: nazarin da aka wallafa a 2012 kan dausayi 621 da aka farfaɗo a duniya ya nuna cewa tsirrai da halittunsu sun gaza na wuraren kwatanci da kimanin kashi 26, aikin sinadaran ƙasarsu kuma da kashi 23, har a wuraren da suka daɗe. Ka auna kabon ɗin a farko da ƙarshe ka ba da rahoto, amma kada ka yi alkawarin zai kamo na kwatanci cikin shekara biyar.

A ƙarƙashin kowane ma'auni ka ƙara layin da ke faɗin abin da za a yi idan ba a cika shi ba. Idan bayan damina biyu kwanakin ruwan tamu ba su kai rabin na mafi ƙanƙantar fadamar kwatanci ba, za a duba ko ruwa ya kewaye shingen da aka yi a kwarin ya buɗe sabuwar hanya, kuma za a dakatar da dashe har sai an gyara, da sunan muƙamin wanda zai yanke shawarar da watan da zai yanke ta. Ka sa kwanan wata a kan takardar kafin a fara aikin ƙasa, sannan ka kawo mini ita tare da jerin fadamun da ka duba, mu zaɓi uku ko biyar ɗin tare.