Waƙar da ta tsufa, da kiɗan intanet, da wanda ka sa aka yi maka

"Malam, ina sayar da wayoyi a Gusau, na zuba kuɗi a fim ɗin ƙanena. Akwai wurin naɗin sarauta da muke son sa waƙar Ɗanƙwairo, edita ya ce ta tsufa, ba mai ita. Sauran kiɗan kuma ya sauko da su daga wani shafi da aka rubuta royalty-free. Naira dubu 200 ta rage mana. Ina zan sa ta?"

Alhaji, editanka ya iya yanka hoto, amma a nan ya yi kuskure. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, waƙa ba ta zama ta kowa da kowa sai mai ita ya shekara 70 da rasuwa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, ka ga sai bayan 2061 ke nan. Kafin lokacin, haƙƙin yana hannun magadansa ko wanda suka miƙa wa. Yawan jin ta a rediyo da wayoyin mutane bai cire mata mai ita ba.

Kuma haƙƙin biyu ne, a nan mutane suka fi faɗawa rami. Akwai na waƙar kanta, wato baitoci da karin, akwai kuma na faifan da aka naɗa, wanda ke da nasa wa'adin na shekara 50. Shi ya sa ko kiɗan Baturen da ya mutu shekara 200 da suka wuce, in wata ƙungiya ta sake kaɗa shi bara ta naɗa, wannan naɗin nata ne. In ka nace sai Ɗanƙwairo, ka nemi iyalinsa, ka binciko mai faifan, kowa ya sa maka hannu. Abu ne mai yiwuwa, sai dai ban ga dubu 200 da ɗan lokacin da ya rage muku sun isa ba.

Wancan rubutun na shafin kuwa ba kyauta yake nufi ba. Ma'anarsa ka biya sau ɗaya, ko ka riƙa biya duk wata, ba za a bi ka kaso ba duk lokacin da aka kalli fim. Kiɗan na nan a hannun mai shi, haya ka ɗauka. Ka ce wa editan ya nuna maka takardar lasisin kowane kiɗa, ka duba da sunan wa aka saya da inda aka yarda a nuna. Da yawa na intanet ne kawai. Ranar da gidan talabijin ya taya fim ɗin, sai an sayi wani lasisin mai tsada. In ya ce ba takarda, daga wani bidiyo ya ciro, a cire kiɗan tun yanzu. In ba haka ba, kuna ɗorawa a YouTube tsarinsu na gano kiɗan da ke da mai shi, wato Content ID, zai iya gane shi, kuɗin talla ya koma aljihun wani ko a toshe fim ɗin.

Da ni ne, dubu 150 zan ware in sa a yi mini nawa. Zamfara ba ta rasa makaɗan fada ba. Ka samo mai kotso da 'yan amshinsa, ka ba shi sunan sarkin cikin fim da kirarinsa, ku shiga sutudiyo wuni guda. Ka ja masa kunne kada ya ɗauko baitocin wani ya canza suna kawai, don wannan ma satar ce. Ragowar dubu 50 ta tafi ga lasisin ƙananan kiɗan bayan fage da ladan wanda zai rubuta muku yarjejeniya.

Yarjejeniyar nan zan fi tsayawa a kai, don biyan kuɗi kaɗai ba ya mayar da waƙar taka. A doka, haƙƙi yana farawa ne a hannun wanda ya ƙirƙira, kuma ba a sallama shi ga wani sai a rubuce. Na san mu da cewa "ai mun yi magana gaban mutane". Shaidu ba sa maye gurbin takarda a wannan ciniki. A rubuta ko ya sallama maka waƙar baki ɗaya ne, ko izini ya ba ka na fim ɗin da tallansa a intanet da talabijin da sinima, a kowace ƙasa, ba iyakar lokaci. Na biyun ya fi araha, kuma ya ishe ka. Mai sutudiyo ma ya sa hannu cewa naɗin naka ne, ya ba ka muryoyi daban, kiɗa daban, don edita ya iya rage ɗaya in jarumi na magana.

Sai layi ɗaya da ake yawan mantawa: in makaɗin zai saki waƙar da kansa, kada kamfanin da ke raba masa ita ya yi mata rajista a Content ID sai an ware tasharku. In aka bar wannan, waƙar da ka biya da kuɗinka ita za ta kama fim ɗinka.